Yadda ake yi wa yaro gyaran waƙarsa ba tare da an kashe masa gwiwa ba

Ranar wata Alhamis bayan isha'i ina zaune ƙofar gida nan Tudun Wada sai ga saƙo ya shigo wayata daga ɗan maƙwabcinmu, yaro ne da bai daɗe da gama sakandare ba, ya ce Malam ga wata 'yar waƙa na rubuta wa Inna dan Allah a duba min. Baiti 12 ce, ƙwar biyu, wato kowane baiti ɗango biyu. Innar tasa ƙosai da koko take sayarwa da safe, duk unguwa an san ta. To wannan waƙar ce zan bi da ku daki-daki, don ni a ganina matsalar mutanenmu ba rashin son yaran ba ne, matsalar ita ce amsa biyu kawai muka iya. Ko dai a ce masha Allah fasihi Allah ya ƙara basira, alhali ko baiti uku ba a karanta ba, ko kuma a ce wannan ai ba waƙa ba ce zance ne, ka je ka koyi kari tukuna. Duka biyun ba su buƙatar ka karanta waƙar, shi ya sa suke da sauƙi, kuma yaro in dai yana da kai yana ganewa.

Abu na farko, kar ka ce komai a kan waƙar daren da ta zo. Amma kar ka yi shiru, don shirun nan yaro fassara shi yake yi, zai kwana yana cewa ba ta yi ba ne Malam yake jin nauyin faɗa. Ni abin da na rubuta masa shi ne na gani ɗana, zan duba a tsanake in ba ka amsa ranar Asabar in sha Allah, amma kafin nan abu biyu nake so. Na ɗaya ka rera min ita da bakinka ka turo min saƙon murya, na biyu ka gaya min ina za ka kai ta.

Tambayar ina za ka kai ta ba ta son jin gulma ba ce, ita ce take gaya maka irin gyaran da ya dace. In gasa zai shiga, dole ka tsananta a kan ƙa'idar rubutu da daidaitacciyar Hausa don alƙalai za su duba. In situdiyo zai je a ɗora mata kiɗa, to tsawon ɗango da inda zai ja numfashi su ne a gaba, kuma gara ka faɗa tun bai biya kuɗin ba. In kuwa ya riga ya buga ta ya raba wa duniya, gyaran da za ka yi na waƙa ta gaba ne, ba amfanin ka sa shi cizon yatsa a kan abin da ya riga ya fita. Shi wannan yaron cewa ya yi so yake ya rera wa Inna ranar walimar saukar ƙanwarsa, saura sati uku. Ka ga kenan akwai lokacin gyara, kuma kunne ne zai yi alƙalanci a wurin ba ido ba.

Shi kuma saƙon muryar, dalilinsa shi ne rubutun bokonmu baya nuna tsawon wasali. Garin da ake tuƙa tuwo da shi da garin da ake zama a cikinsa duk g-a-r-i ake rubutawa, amma a baki ɗaya ana jan ga ɗin, ɗaya ba a ja. Karin waƙa kuwa a kan wannan ja da rashin ja yake tsaye, saboda haka wanda ya tsaya a ido kawai zai iya cewa ɗango ya karye alhali lafiyarsa lau, ko ya wuce wanda ya karye bai gani ba. Mu 'yan Zariya bai kamata a tuna mana wannan ba, Malam Aliyu Namangi mai Imfiraji makaho ne, da kunne ya auna baitocinsa, kuma da kunne mutane suka hardace su. Ban da haka, muryar yaro tana nuna maka karin da yake ji a kansa, wani lokaci karin yana nan daram a kansa kalmomin ne ba su cika masa shi ba, sai ka ji yana jan wata gaɓa ko yana hadiye wata don ya cike gurbi. Duk inda ka ji ya yi sauri kamar ana korarsa, ko ya ja wasalin da ba a ja a magana, sa alama a wurin.

Da muryar ta zo sau uku na saurara, kuma kowane sauraro da aikinsa. Na farko ban riƙe biro ba, kawai ina jira in ji inda jikina zai motsa. Na biyu ina buga cinya ina bin kari. Na uku na ɗauko takarda na kwafe waƙar da hannuna na sa wa baitocin lamba 1 zuwa 12, don in zan yi magana in ce baiti na 7 ɗango na biyu, ba in ce wani wuri can tsakiya ba. Wannan lambar ƙaramin abu ce amma ita ce shaidar farko da yaro zai gani cewa da gaske ka zauna a kan aikinsa.

Ga baitin farko yadda ya turo:

Tun kan asuba kin bar barci,
Kin hura wuta kin ɗora kasko.

Ku gwada rera ɗangon farko kuna tafi. Tun kan, asuba, kin bar, barci. Tafi huɗu cif. Lissafin ba wuya, gaɓar da ake ja ko wadda ta ƙare da baƙi kamar tun da kan mai nauyi ce, ka ba ta 2, gajeriya kamar a da su na asuba ka ba ta 1. Kowane tafi yana ɗaukar 4, ɗango gaba ɗaya 16. Masana a jami'a Mutadarik suke ce wa wannan karin, amma ni ban taɓa faɗa wa yaro wannan sunan a sharhin farko ba, me zai yi da shi, tafi huɗu ya ishe shi. To ku zo ɗango na biyu. Kin hu, ra wuta, kin ɗo, sai ra kasko, a nan harshe yake tuntuɓe. Kin ɗora kasko in ka lissafa 9 ne maimakon 8, wato ɗangon ya zama 17, gajeriyar gaɓa ɗaya ce tak ta yi yawa, wannan ra ɗin na ɗora. A saƙon muryar ma na ji shi yana hadiye ta, yana cewa wani abu kamar ɗor kasko. Na sa alama na wuce.

Sai baiti na 7, wanda tun sauraron farko na tsayar da wayar na mayar baya:

Ƙosan ƙarshe kin ce in ci,
Ke sai guntun sauran koko.

Wallahi wannan baitin ko babban mawaƙi ne ya yi shi ba zai ji kunya ba. Kari ya zauna, ba gaɓar da ta yi yawa, amsa-amon ko ya faɗo da kansa ba a jawo shi da igiya ba. Kuma abin da ya fi, bai ce tana da tausayi ba, bai ce ta sadaukar da kanta ba, ya nuna mana ƙosai guda ɗaya da ragowar koko a gindin roba ya bar mu mu ji da kanmu. Wannan shi ne abin da kake nema a mataki na gaba, baitin da ya fi kowane kyau, kuma ka iya faɗin dalilin kyansa da kalmomin da yaron zai iya amfani da su gobe. In ba ka iya faɗin dalilin ba to ba ka gama aikinka ba tukuna, koma ka sake sauraro. Yabon da ba dalili a cikinsa yaro ba zai iya maimaita abin da ya yi daidai ba, don bai san mene ne ba, zai ɗauka sa'a ce.

Wani zai ce to in waƙar ba ta da baiti mai kyau ko ɗaya fa. Da wuya ka rasa ko da rabin ɗango, ko kalma ɗaya da ta zauna a wurinta, ko amsa-amon da ya riƙe baiti biyar bai saki ba, ko jigon da ya zaɓa wanda ba kowa ke taɓawa ba. Ka yabi wannan daidai girmansa, kar ka hura shi. In abin yabon ƙarami ne ka ce ƙarami ne amma na gaske ne, daga nan za a tashi.

Yanzu ga baiti na 4, wanda shi ne ciwon waƙar:

Ke ce hasken zuciyana ke ce tauraruwa,
Ga duk duniya ina aika saƙo.

Abu uku ne a nan. Ɗangon farko in ka auna 26 ne a wurin 16, ya wuce tafi shida, a muryar sai da ya yi gudu kamar mai tallan magani a tasha kafin ya kai ƙarshe. Na biyu, hasken zuciya da tauraruwa kowa ya ji su sau dubu a waƙoƙin soyayya na fim, za ka iya cire baitin nan ka manna a waƙar budurwa ko ta ɗan takara ba wanda zai lura, babu Inna a ciki, babu kasko babu hayaƙi. Na uku kuma amsa-amo. Waƙar tana tafiya da ko, kasko, koko, farko, ɗauko, sai ga saƙo, wanda ƙo ne mai lanƙwasa. Wannan kuskuren waya ce take jawo shi, yara suna rubutu ba ƙugiya, sako da kasko a ido duk ko ne, amma a bakin Bahaushe k daban ƙ daban, kunne yana jin an sauka daga layi. Na tarar da irinsa a baiti na 10 ma inda ya sa baƙo.

Da na gama takardata tana da abubuwa tara. Karyewar kari wuri huɗu, ƙo a wurin ko sau biyu, kalmomin aro daga waƙoƙin fim, bai buɗe da sunan Allah da salati ba kamar yadda aka saba a rubutacciyar waƙa, sai kuma haɗe kalmomi a rubutu irin su kinbar da kince. To a nan ne yawancinmu muke ɓata aiki, don wahalar da ka sha wajen gano abu tara tana sa ka ji dole sai ka faɗe su duka. Na taɓa yi. Shekarun baya wata ɗalibata ta kawo min waƙa a takarda, na ɗauki jan biro na bi ta layi-layi, gyara goma sha ɗaya, duk gaskiya ne ba ƙarya ko ɗaya, na miƙa mata ina jin na yi aikin kirki. Ta ce na gode Malam ta ninke takardar ta sa a jaka, har ta gama makarantar ban sake ganin ɗango ɗaya daga hannunta ba. Tun daga ranar, gyara biyu nake ɗauka, in ya yi yawa uku.

Yadda nake zaɓen biyun shi ne in tambayi kaina wanne ne in ya gyaru zai ja sauran, kuma wanne ne yaron zai iya gyarawa da kansa cikin lokacin da yake da shi. A wannan waƙar na ɗauki kari, don wuri huɗu ne kuma dabara ɗaya ce take maganinsu, tafi. Sai na ɗauki baiti na 4 gaba ɗayansa, don in ya sake shi daga tushe, tsawon ɗango da kalmomin aro da saƙo duk sun tafi a tare, jifa ɗaya. Maganar ƙo da ko na liƙa ta a jikin wannan da jimla ɗaya. Haɗe kalmomi na bar shi, rerawa zai yi a walima ba wanda zai ga takardar. Mabuɗi na bar shi sai in ya tambaya, don ba laifi ba ne, zaɓi ne, kuma na san dattawan gidan da kansu za su tuna masa.

Akwai kuma abin da ko a takardar ban sa shi cikin kuskure ba, wato zuciyana. Wani zai yi caraf ya ce zuciyata ake cewa. E a daidaitacciyar Hausa haka ne, amma yaron Bazazzagi ne yana yi wa uwarsa magana a cikin gidansu, mu nan motana da rigana muke ji tun muna goye, Kanawa su yi ta tsokanarmu. Karin harshe ba kuskure ba ne. Da gasa zai kai sai in ce masa ka sani alƙalai za su iya rage maka maki a kan wannan, ka zaɓa. Haka ma son ranka, in kai mai son ƙwar biyar ne da Larabci a ciki, wannan naka ne, kar ka shigar da shi a rigar gyara.

Abu ɗaya ne ba ya jiran layi, in ka ji ɗangon da ka tabbata na wani mawaƙi ne ya ɗauko sukutum. Wannan ko gyara nawa ka zaɓa sai ka faɗa, kai da shi kawai, kuma ba da kalmar sata ba, don sau da yawa yaro ya sha jin waƙar ne har ta zauna masa ya ɗauka tasa ce. Ka ce wannan ɗangon na san shi a waƙar wane, in ka bar shi mutane za su gane kuma za su yi shakkar sauran da kai ka yi. A waƙar yaron nan alhamdu lillahi ba wannan.

Ranar Asabar ga abin da na tura masa, na kwafo shi yadda yake:

"Ɗana na saurari waƙarka sau uku kuma na kwafe ta da hannuna. Baiti na 7, ƙosan ƙarshe da guntun koko, sai da na mayar da shi baya. Ka san me ya sa ya yi kyau? Ba ka ce Inna tana da tausayi ba, ka nuna mana abin da ta yi da hannunta, kuma ba wanda zai iya rubuta wannan sai wanda ya tashi a gidan. Karinsa ma ya zauna, tafa ka ji, tafi huɗu kowane ɗango. Wannan baitin shi ne ma'aunin waƙarka, da shi za ka auna sauran. Abu biyu nake so ka duba. Na ɗaya, rera baiti na 1 kana tafi, za ka ji harshenka ya yi tuntuɓe a kin ɗora kasko, gaɓa ɗaya ce ta yi yawa. Gwada kin sa kasko ka ji bambanci. Akwai irin wannan tuntuɓen a baiti na 3 da na 9 da na 11, su ban gyara ba, kai za ka nemo su. Na biyu, baiti na 4 bai kai na 7 ba. Hasken zuciya da tauraruwa kowa yana faɗa wa kowa, kuma ɗangon ya yi tsawo har kana gudu, sannan saƙo ƙo ne, waƙarka kuwa da ko take tafiya, ka duba baƙo a na 10 ma. Ka cire na 4 ka tambayi kanka, me ka taɓa gani a jikin Inna ko a wurin suyarta wanda ba wanda ya sani sai kai? Shi za ka sa a wurin. Waƙar ta cancanci a gyara ta, kuma sati uku ya isa. In ka gyara ka sake turo min muryar, ina jira."

Ku lura da wasu abubuwa a ciki. Yabon ya zo farko, ba don a shafa masa zuma kafin a sa wuƙa ba, sai don shi ne sandar awon da gyaran zai dogara a kai. Ban auna shi da wani babban mawaƙi ba, da baitinsa na 7 na auna baitinsa na 4, saboda haka ba zai ce ai ni ban kai can ba, ya riga ya kai sau ɗaya da kansa. Sannan tsakanin yabo da gyara ban sa kalmar amma ba. Ku gwada ku ji, duk abin da ka faɗa kafin amma, da zarar ta fito ya goge, yaro zai ce dama shimfiɗa ce. Gara ka sa aya ka ce abu biyu nake so ka duba, ya san adadinsu, ba zai zauna yana jiran ruwan duwatsu ba.

Kuma maganar a kan ɗango take ba a kan mutum ba. Baiti na 4 bai kai na 7 ba daban yake da ba ka iya kari ba, na farko aiki ne da za a yi kafin walima, na biyu hukunci ne da zai bi shi har gado. Haka kuma ban ce masa fasihi ba, ban ce gobe kai ne wane ba. Ban san gobe ba, kuma yaron da aka naɗa wa rawanin fasihi a waƙar farko tsoron rubuta ta biyu yake yi kar rawanin ya faɗi.

Gyara ɗaya kawai na yi masa da hannuna, kin sa kasko, don ya ga yadda ake yi. Sauran ukun na nuna masa unguwar ban nuna masa gidan ba. Wannan yana da wuya fa, don ina karanta baiti na 4 wani baiti ya zo min a kai tsaf da karinsa, hannuna har ƙaiƙayi yake. Amma in na ba shi, ranar walima zai tsaya gaban Inna yana rera maganata, kuma duk wanda ya yaba wannan baitin shi ya san ba nasa ba ne. Tambaya ce take fito da abin da ke cikinsa, shi ya sa na ƙare gyara na biyu da tambaya.

In a cikin jama'a aka turo waƙar, kamar zauren WhatsApp na 'yan unguwa ko na tsofaffin ɗalibai, raba maganar biyu. Baiti na 7 da dalilin kyansa ka faɗe shi a gaban kowa, gaskiya ce ba fadanci ba. Gyaran kuma ka bi shi ta gefe, ka ce na turo maka wani abu ka duba. Yaro a gaban abokansa ba gyara yake ji ba, dariyar da za a yi masa a majalisa yake ji, sai ya kama kare kansa ko da ya san kana da gaskiya. In kuma fuska da fuska ne, wasu yaran ba za su iya musu da babba ba, "to Malam" kawai za ka yi ta ji kai a ƙasa, don haka ka sa shi ya tafa da hannunsa ya rera, in ya yi tuntuɓen da kansa za ka ga ya yi murmushi, wannan murmushin shi ne ya gane, ba to Malam ɗin ba.

Wanda ya kawo maka waƙar da aka riga aka ɗora wa kiɗa, ƙarin aikin kaɗan ne. Ka nemi baitocin a rubuce ko ya rera maka ba kiɗa, don ganga da fiyano suna rufe karyewar kari, kuma ka raba laifinsa da na mai haɗa kiɗan. In kiɗa ya danne murya ba a jin kalmomi, ko an matse muryar da na'ura har ta koma kamar ta ƙarfe, wannan saƙo ne da zai kai situdiyo, ba laifin alƙalaminsa ba ne. Nasa shi ne kalmomi, da amshi ko yana kamuwa a ji biyu, da inda numfashinsa yake yankewa a tsakiyar kalma.

Ta yaya za ka san sharhinka ya yi aiki? Ba daga godiya ba. Na gode Malam Allah ya saka da alheri ɗalibar nan tawa ma ta faɗa. In ya dawo da tambaya, ko ya dawo da musu ma, to ya shiga. In ya amsa da na gode kawai ya ɓace kwana huɗu biyar, ka yi nauyi, ka bi shi da gajeren saƙo a kan baitin da ka yaba, ka ce har yanzu yana kaina, ya aikin. In kuma washegari ya turo maka sababbin waƙoƙi uku bai taɓa ta farkon ba, to yabon kawai ya ji, gyaran ya yi laushi da yawa, sai ka ce masa a hankali mu gama da ta Inna tukuna.

Shi nawa yaron musu ya fara da shi. Daren Asabar ɗin ya rubuto wai Malam ai ɗora kasko ake cewa, sa kasko bai yi daɗi a baki ba. Na ji daɗin wannan ƙwarai, na ce kana da gaskiya ɗora ta fi zama a magana, in kana son ta sai ka sake gina ɗangon yadda za ta shiga tafi huɗu, waƙarka ce. Ya yi kwana biyu yana juya ta, daga baya ya bar kalmar sa ɗin a wurin, amma da kansa ya bari. Na 3 da na 11 ya gano su ya gyara, na 9 bai gano ba sai da muka zauna a dakalin ƙofar gida na sa shi ya tafa a hankali kamar mai koyon tafiya. Baƙo na baiti na 10 kuwa ya ƙi cirewa, ya ce ma'anar ta fi masa amsa-amon, na ce to ka dai san ƙo ne, ya ce ya sani, na ƙyale shi.

Ranar Laraba da daddare sai ga sabon saƙon murya, baiti na 4 ne kawai a ciki, ya rera shi sau biyu:

Hannunki akwai shaidar ƙuna,
Kin ɓoye min tun can farko.

Na tafa, han nun, ki akwai, shaidar, ƙuna, huɗu. Kin ɓo, ye min, tun can, farko, huɗu. Na rubuta masa wannan ya zauna kusa da na 7, kar ka taɓa shi. Sai ya ce Malam to yanzu na 5 ne nake jin bai yi ba tunda na 4 ya canza, na ce me ka ji a ciki, ya ce shi ma duk yabo ne babu Inna. Na ce to ka san abin yi, saura kwana goma sha biyar.